Ƴan rukuni, a duba zaɓin amsoshinku

Assalamu alaikum malamai. Don Allah masu turo tambayoyin fiziks, mu daina cika zaɓi da amsoshin da ko ɗalibin da bai karanta komai ba zai watsar, kowace amsar kuskure ta zama irin tunanin da yara ke yi da gaske.

Misali, an jefa ƙwallo sama ta kai ƙololuwa, mu manta da iska, nawa ne akselareshan ɗinta? Amsa 9.8 m/s² zuwa ƙasa. Dole a saka sifili, don da yawansu gani suke tunda ƙwallon ta tsaya cak ai babu akselareshan, sun haɗa gudu da canjin gudu, alhali da sifili ne da can sama za ta zauna. Sannan a saka 9.8 m/s² zuwa sama saboda masu zaton ƙarfin hannu na bin ƙwallon bayan an sake ta.

Amsoshin nan daga bakin ɗalibai ake samo su, ku fara ba su tambayar ba zaɓi su rubuta dalilinsu. Zaɓin da babu wanda ya taɓa a jarrabawa kuwa, a canza shi.