Roƙon Tallafi ga Asusun Kula da Ginin Masallaci da Islamiyyarmu a Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan kasuwa da matasan unguwa, kwamitin masallaci da makarantar Islamiyya na gaishe ku da fatan alheri. Mun zo muku da roƙo, amma ba irin wanda kuka saba ji bayan sallar Juma'a ba, inda ake miƙewa a ce janareta ya tsaya ko famfo ya ƙone, a taimaka da gaggawa. A yau dai duk kayanmu suna aiki. Abin da muke nema shi ne a kafa asusu na wata-wata, wanda zai sa kowane gyara ya samu kuɗinsa tun kafin lokacinsa ya zo.

Dalilinmu shi ne yanayin Legas. Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato ya san damina ɗaya da rani mai tsawo, inda kwanon rufi ke shekara da shekaru bai yi tsatsa ba. A nan ruwa na kankama tun Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan ɗaga ƙafa a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Iska kuma kullum da laima take, shi ya sa ƙarfe ke saurin tsatsa, bango ke yin gansakuka. Rani na gaske daga Nuwamba ne zuwa Maris, kuma a cikin waɗannan watanni biyar ne kaɗai za a iya hawa rufi a yi fenti hankali kwance. To a shekarun nan azumi ma a cikinsu yake faɗowa, tsakanin Fabrairu da Maris, lokacin da zafin Legas ya fi tsanani. Mun saba jama'a sun fi buɗe hannu a watan Ramadan, Allah Ya saka musu. Sai dai kuɗin da ya shigo ranar ashirin ga azumi ya makara ga janaretan da ya kamata a yi wa sabis tun a Sha'aban, ya kuma kusa makara ga rufin da ruwan Afrilu ke jira.

Bari mu fara da janareta, don shi ya fi cin kuɗi, shi ne kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Namu mai shan man gas ne, wato dizal, ƙarfinsa kVA 30. Da yawa suna ɗauka ana yi wa inji sabis ne idan ya fara tari ko hayaƙi. Ba haka ba ne, awannin aikinsa ake ƙirgawa. A jikin allonsa akwai mita mai nuna awa nawa ya yi, kuma ƙa'idar da makanikai ke bi a irin yanayinmu ita ce a juye baƙin mai a sauya matatar mai duk bayan awa 250, ko bayan wata shida idan bai kai awannin ba. Lissafinmu ga shi. A ranakun da ba na azumi ba, tsakanin salloli da karatun yara na yamma, injin na yin kimanin awa huɗu a rana, wato yana cika awa 250 a wata biyu. A Ramadan kuwa, da tafsiri da asham da tahajjudin goman ƙarshe, yakan kai awa takwas a rana. Awa takwas sau kwana 30 ya ba da 240. Ke nan azumi shi kaɗai yana cinye sabis guda cur. Idan aka haɗa shekara, sabis shida ne, kuma biyu daga ciki ba sa ɗaguwa: ɗaya mako biyu kafin ganin wata, ɗaya a makon da ya biyo bayan ƙaramar salla.

Kowane sabis na cin baƙin mai kusan lita takwas, irin mai lamba 15W-40, da matatar mai, da matatar gas, da ladan makaniki. Matatar iska kuwa muna so a sauya ta a ƙarshen Janairu, bayan ƙurar hunturu ta lafa. Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba sa cin ko sisi sai kulawa, waɗanda ladan da wani matashi za su riƙa yi kowace Alhamis: a zaro sandar awon mai a duba, a leƙa ruwan lagireto alhali injin na da sanyi, a danna fambel da yatsa a ji ko ya saki, a goge farin garin da ke taruwa a kan batir. Batir a wannan zafi da wuya ya wuce shekara biyu da lafiya, don haka mun sa kuɗinsa cikin lissafi maimakon mu jira ranar da za a murza makulli a ji shiru.

Akwai wani abu da muke roƙon jama'a su fahimce mu a kai. Wasu na jin haushi idan aka ƙi tayar da babban inji saboda sallar Asuba, aka kunna ƙaramin mai fetur. Ba rowa ba ce. Injin gas idan yana jan kayan da bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ba, ba ya yin zafin da zai ƙone man sarai, sai wani baƙin ruwa mai kauri ya riƙa tsiyaya ta bakin salansa, ciki kuma ya cika da dauɗa. Lasifika da ƙwai goma da fanka huɗu ba kayan kVA 30 ba ne. Ƙaramin kuma nasa man ba ya jiran awa 250, tsakanin awa 50 da 100 ake juye shi.

Sai famfo. Samo ne, wato irin famfon da ake zurawa cikin ruwa a rijiyar burtsatse, yana tura ruwa zuwa tanki biyu a sama. Tunda yana can ƙarƙashin ƙasa ba a ganinsa, hanyar sanin lafiyarsa ita ce agogo. Ranar Asabar ta farkon kowane wata za a bar tanki ɗaya ya ƙare, a kunna, a rubuta minti nawa ya ɗauka kafin ya cika. Idan tankin da ke cika a minti 40 ya koma sai ya yi awa guda, to ko yashi ya fara cin farfelar cikinsa, ko bututu na yoyo, ko ruwan rijiya ya ja baya, wanda an fi gani a Fabrairu da Maris. Abin da ke ƙona samo galibi biyu ne, wuta mai rauni da juyawa babu ruwa. Shi ya sa sayayyar farko da muka sa a wannan ɓangare ita ce na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta yi ƙasa, da kuma kafasita ɗaya, 'yar na'urar da ke taimaka wa famfon tashi, a ajiye a ofis. Tankuna za a wanke su sau biyu a shekara, a Janairu kafin cunkoson masu alwala na azumi, da kuma Agusta.

Rufi da fenti tafiyarsu ɗaya, kuma dole rufi ya riga. Duk wanda ya shafa fenti a bangon da ruwa ke bi ta sama, kafin damina ta raba fentin zai kumbura ya ɓare, kuɗi sun bi ruwa. Domin a gane nauyin abin, a tuna cewa ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ne. Rufinmu ya kai murabba'in mita 300. Ruwa mai ƙarfi na milimita 50, irin wanda Yuni ke saukarwa a yini ɗaya, lita 15,000 ke nan, kuma duk ta indararo zai bi. Leda ɗaya da ganye da yashi sun isa su toshe bakin bututun sauka, ruwan ya cika indararo ya koma ta ƙarƙashin kwano, ya jiƙa katako, ya sauko kan silin. Katakon da ya jiƙa kuwa gara ba ta barinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka kafinta zai hau sau uku. Hawan farko a Nuwamba ne, da zarar ruwa ya ɗauke, lokacin da tabon yoyo ke nan ɗanye a silin yana nuna inda za a nema. A nan ne za a yi babban aiki: a sauya kusoshin da suka ɗago da robobinsu da rana ta busar, a gyara mahaɗar kwano da bango, a cire katakon da ya ruɓe. Hawa na biyu a ƙarshen Maris, don share indararo da ɗaure duk abin da ya saki, domin ruwan farko a Legas da iska mai ƙarfi yake zuwa, kuma kwanon da kusa biyu suka saki shi iska ke fara ɗagawa. Na uku a tsakiyar Agusta ne, shara kawai, kafin ruwan Satumba.

Fenti sai Disamba zuwa Janairu, bayan bango ya sha iska ya bushe. Ba kowace shekara za a shafe ginin duka ba. Mun raba shi gida uku, kowace shekara ɓangare ɗaya, ta yadda kowane bango zai samu sabon fenti duk shekara uku. Kafin a shafa sai an kankare gansakuka an wanke, an cike tsaga, inda aka yi sabon filasta kuma a ba shi mako huɗu. Abin da ba ya jiran shekara uku shi ne ƙarfe: ƙofar shiga, ƙarafan tagogi, da musamman ƙafafun hasumiyar tanki. Tanki biyu masu lita 2,000 kowanne idan sun cika, tan huɗu ne na ruwa a tsaye a kan ƙarfe huɗu, kusa da inda yaranmu ke layin alwala. Kowace shekara za a goge tsatsar gindinsu, a shafa jan fentin hana tsatsa, sannan a bi da fentin mai. Wannan kam ko an rasa kuɗin komai ba za mu ɗaga shi ba.

Abin da muke roƙo shi ne alkawarin wata-wata, gwargwadon hali. Mai shago ya ɗauki Naira 5,000, mai tura kaya ko ɗan acaba ya ɗauki 1,000, uwa mai yara a Islamiyya ta ba da 500, duk karɓaɓɓe ne. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Wanda ya fi son ɗaukar abu guda, yana iya cewa sabis ɗin Sha'aban nasa ne, ko batir, ko bokitin fenti biyu. 'Yan'uwanmu na Mile 12 da Idi-Araba da Obalende da ke sallatar Juma'a tare da mu in sun shigo Agege, ku ma da ku muke. Makanikai da kafintoci da masu aikin famfo da ke cikinmu, aikin hannunku na yini ɗaya tallafi ne babba, ku zo a rubuta sunanku a watan da ya dace da sana'arku.

Kuɗin wannan asusu ba za a haɗa su da na man gas ko na alawus ɗin malamai ba. Ba za a cire ko kwabo ba sai da sa hannun mutum biyu, kuma duk bayan wata uku za a manna rasit da awannin mita da lokacin cikar tanki a allon sanarwa, kowa ya karanta. Ma'aji da sakatare za su zauna da littafin alkawari a ƙofar masallaci bayan kowace Juma'a, iyayenmu mata kuma su ga shugabar ajin matan aure. Aikin farko a jadawalin shi ne hawan kafinta na Nuwamba, don haka muna fatan kuɗin kusa da katako da ladansa su haɗu kafin ƙarshen Oktoba.

Allah Ya sanya albarka a nemanku, Ya saka da mafificin alheri.

Wassalam,
Sakatare, a madadin Kwamitin Masallaci da Islamiyya