Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da nake wa aiki, kan hutuna da naira 28,000 da aka yanke mini

Zuwa ga Manajan Darakta,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ranar Alhamis 9 ga Oktoba, 2025, da ƙarfe 4:17 na yamma, shugaban sashen kula da ma'aikata ya amsa mini saƙo a waya, bayan watanni ana ce mini in dawo gobe. Ga abin da ya rubuta, ban ƙara ba ban rage ba: "Malam, doka kwana shida ta ba ka, mu kuwa mun ba ka fiye da haka. In ba ka gode ba, ƙofa a buɗe take." Na kira shi nan take, ta yi ta ƙara har ta katse. Shi ya sa na rubuto maka a bainar jama'a, tun da wasiƙun da na bi ta ofis da su ba su kai teburinka ba, ko kuma sun kai an danne su da kofin shayi.

Ni mai kula da sito ne a reshenku na Kano, shekara ta huɗu ke nan. Kafin in ɗauki biro na zauna da takardu uku: takardar ɗaukata aiki, littafin ƙa'idojin ma'aikata na kamfanin, da Dokar Ƙwadago ta Nijeriya. Duk abin da zan nema a nan zan faɗi inda aka rubuta shi, don kada a sake ce mini son zuciya ne.

Ga yadda abin ya faru. A watan Fabrairu taifod ta kwantar da ni. Ban zo aiki ba daga Litinin 10 ga wata zuwa Laraba 19, na dawo ranar Alhamis 20 da takardar likita mai hatimin asibiti, na miƙa ta a ranar, sakatariya ta sa hannu a kwafina. A watan Agusta na cike fom ɗin hutun shekara, shugaban sashena ya amince, na tafi daga Litinin 4 zuwa Juma'a 15. Ƙarshen wata sai na ga albashi ya zo da giɓi. A takardar albashin an rubuta cewa na yi fashin aiki na kwana 7 ba da izini ba, an cire naira 28,000. Alawus ɗin hutu kuma ko ƙeyarsa ban gani ba.

Da ƙyar wani akawu ya nuna mini yadda aka yi lissafin, a tsaye, yana waige-waige. An ɗauki jinyata ta Fabrairu an ƙirga ta kwana 10, har da Asabar da Lahadi, aka zabtare ta daga hutuna na shekara na kwana 15, saura 5. Hutun Agusta shi ma aka ƙirga shi kwana 12, har da ƙarshen makon da ke tsakiya. An cire 5 daga 12, saura 7, aka kira su fashi. Ainihin albashina naira 88,000 ne, littafinku ya ce a raba shi gida 22 don a fitar da kuɗin yini, wato naira 4,000. Sau 7, ga 28,000.

Lissafin ya yi kyau a ido, amma kuskure biyu ne aka ɗora ɗaya kan ɗaya, kuma littafinku da kansa ya ƙaryata su.

Na farko, hutun rashin lafiya daban, hutun shekara daban. Sashe na 6.4 na littafin ya ba ma'aikaci kwana 12 na aiki a shekara da cikakken albashi idan ya kawo takardar likita cikin awa 48 da dawowarsa. Ba wata alfarma kamfani ya yi ba a nan, domin sashe na 16 na Dokar Ƙwadago shi ma abin da ya ce ke nan: a biya ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara idan rashin lafiya ta hana shi zuwa, muddin likita mai rajista ya tabbatar. Babu inda littafin ko dokar suka ce a ci wa mutum hutun shekararsa saboda ya kwanta ciwo. Jinyata kwana 8 ce ta aiki, ba ta ma kai 12 ɗin ba.

Na biyu, ranakun aiki ake ƙirgawa. Sashe na 6.1 na littafin ya faɗi haka ƙarara, ya ce kwana 15 na aiki ga mai matsayina, takardar ɗaukata aiki kuma ta ce aikina Litinin zuwa Juma'a ne. Ranar da dama ba na zuwa aiki ba za a ce an ba ni hutunta ba. Daga 4 zuwa 15 ga Agusta kwana 10 ne na aiki. A cire 10 daga 15, saura 5. Ma'ana ban yi fashin ko da yini ɗaya ba, ni ne ma nake bin kamfani hutun kwana 5.

Yanzu bari in zo kan kwana shidan da aka yi mini gori da su. Gaskiya ne, sashe na 18 na dokar ya ce wanda ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi. Amma aƙalla aka ce. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da mai kamfani zai bayar ba tare da ya saɓa doka ba, ba shi ne iyakar abin da ma'aikaci zai iya samu ba. Idan kamfani ya yi alkawarin fiye da haka a rubuce, alkawarin ne ke aiki. Sakin layi na 9 na takardar ɗaukata aiki ya ce littafin ƙa'idojin yana cikin sharuɗɗan aikina. Ku kuka rubuta, ku kuka buga hatimi. Ranar da wani direba ya makara da rabin awa, wannan littafin aka buɗe aka karanto masa hukuncinsa a gaban kowa. To littafin da ke da ƙarfin hukunta mu bai rasa ƙarfin biyan mu ba.

Na san amsar da za a iya kawowa, don na ji an fara raɗe-raɗinta: wai mai kula da sito ma'aikacin ofis ne, dokar ba da shi take ba. Na duba wannan ma. Sashe na 91 ya fitar da masu aikin gudanarwa da shugabanci da ƙwararru daga cikin waɗanda dokar ke karewa, amma ya ambaci masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu a cikin waɗanda ta shafa. Ni aikina ƙirga katan-katan ne da rubuta shiga da fitar kaya. Kuma ko da an yi nasarar fitar da ni daga dokar, ina ruwan littafinku? Yana nan daram, kwana 15 ɗinsa da 12 ɗinsa ba su motsa ba.

Shi alawus ɗin hutu ba zan jingina shi da doka ba, domin Dokar Ƙwadago ba ta tilasta shi ba, kuma ba na son a kama ni da ƙarin gishiri a yi watsi da sauran maganata. Sashe na 6.3 na littafinku ne ya ce kashi 10 cikin 100 na ainihin albashin shekara, a biya a watan da mutum ya tafi hutu. Nawa ya kama naira 105,600. An ce an riƙe shi ne saboda fashin nan da ba a yi ba.

Akwai kuma tayin da aka yi mini a baki cikin Satumba, ban riƙe ranar ba, cewa in bar maganar a ba ni ɗan wani abu a madadin sauran kwanakina. Ranka ya daɗe, ya kamata sashen da ke karanto mana doka ya karanta sashe na 18 ɗin har ƙarshe. A cikinsa aka haramta biyan kuɗi a madadin hutun da doka ta tanada ga ma'aikacin da bai bar aiki ba. Wanda ya iya haddace kwana shida bai ga wannan layin ba?

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne kaɗai, yadda na samu littafin ne. Ranar da aka ɗauke mu aiki kowa ya sa hannu a wata takarda cewa ya karɓi kwafi, ya karanta, ya fahimta. Ba wanda aka ba. Da na nema a bana aka ce yana wajen oga, oga ya yi tafiya, makullin durowa yana hannunsa. Wani tsohon ma'aikaci ya ara mini nasa, sai na ga bugun 2019 ne, ban yarda in kafa hujja da shi ba sai da na samu na 2023, wanda shafinsa na farko ya ce ya soke na baya. Na gwada su shafi da shafi. Lambobin sassan sun canza, wa'adin kawo takardar likita ya sauko daga kwana 3 zuwa awa 48, amma yawan kwanakin hutu bai canza ba. Da da tsohon na rubuto, da yanzu an ce na kawo sashen da babu shi, an rufe fayil.

To ni na iya Turanci, na kuma samu mai ara mini. Masu lodi fa? Direbobi da masu gadi fa? Littafin da Turanci yake, a kulle yake, kuma mafi yawansu ba su san akwai wani abu wai shi hutun rashin lafiya ba. Na san wanda ya zo aiki da zazzaɓi yana rawar sanyi a bakin mota don kada a taɓa masa hutun da yake tarawa na zuwa gida da Sallah. Na san matar da aka ce ta dawo wata guda bayan haihuwa, alhali sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya hana a bar mace ta yi aiki cikin mako 6 bayan ta haihu. Ban yarda kuskuren akawu ɗaya ba ne. Kuskure yakan faɗa ta kowane ɓangare, wannan kuwa kullum aljihun kamfani yake faɗawa. Sashe na 7 na dokar ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki, har da na hutu da na rashin lafiya. Sa hannu a kan an karɓi abin da ba a karɓa ba bai cika wannan ba.

Don haka ina neman a mayar mini da naira 28,000, a biya ni alawus ɗina naira 105,600, jimilla 133,600. A goge kalmar fashi daga fayil ɗina, a ba ni takarda mai sa hannu cewa an goge, don na san da ita za a hana ni ƙarin girma baɗi. A tabbatar mini da sauran kwana 5 ɗina kafin Disamba, tun da littafin ya ce hutun da ba a ci ba yana ƙonewa a ƙarshen shekara sai da amincewa a rubuce. Sannan a sake duba lissafin hutun duk ma'aikatan reshen nan tun daga 2023, a ba kowa kwafin littafin a hannunsa, a fassara babi na 6 da Hausa a manna a allon sanarwa kusa da inda muke sa hannu da safe.

Ina jiran amsa a rubuce cikin mako biyu, ba ta waya ba, ba kuma ta bakin wanda ya nuna mini ƙofa ba. Idan wa'adin ya wuce shiru, zan kai kwafin takardun nan ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano, daga nan kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Takardar likita, fom ɗin hutu mai sa hannun shugaban sashena, takardar albashin Agusta da hoton saƙon 9 ga Oktoba duk suna wurina.

Naka,
Mai kula da sito, reshen Kano