A riƙa juya jerin takardun kafin a yarda da makin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da kuka buga kan yadda ma'aikatu suka fara miƙa wa ƙirƙirarriyar basira aikin tace takardun masu neman aiki, wato sibi. Rahoton ya tsaya ne a kan saurin da ake samu. Ni aikina ke nan, tantance masu neman aiki, kuma na gwada wannan hanya da hannuna, shi ya sa nake roƙon fili in faɗi abin da na gani.

Muna neman akanta guda ɗaya wanda zai riƙe lissafin albashi. Bayan tankaɗe da rairaya, takardu 12 suka rage. Na cire sunaye da lambobin waya, na sa wa kowace takarda lamba, na zuba su gaba ɗaya cikin wata manhajar ƙirƙirarriyar basira tare da sharuɗɗan aikin, na ce ta ba kowa maki daga 1 zuwa 10. Kafin ƙiftawar ido ta kawo jeri, da bayani mai daɗin karatu a ƙarƙashin kowane maki. Takarda ta 1 ce ta zo kan gaba da maki 9, ta 7 kuwa ta sami 6.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na riga na karanta ta 7 da idona, kuma ban ga inda ta gaza haka ba. Sai na buɗe sabon shafi, na sake zuba takardun nan 12 ba tare da na taɓa ko harafi ɗaya ba, illa dai na juya jerin, ta ƙarshe ta koma farko. Wadda ta sami 9 ta sauko 7. Ta 12, da take can tsakiyar jerin maki a baya, ta haye sama. Bayanin ma ya sauya ya bi sabon makin: gogewar da aka yaba ɗazu yanzu an ce ba ta da zurfi.

Ashe wannan sanannen aibi ne. Manhajar tana karanta rubutu ne a jere, kuma gurbin da abu ya faɗa yana shafar nauyin da take ba shi. Wani bincike da masana na Jami'ar Stanford da abokan aikinsu suka fitar a 2023 ya nuna cewa idan rubutu ya yi tsawo, irin waɗannan manhajoji sun fi riƙe abin da ke farko da ƙarshe, na tsakiya kan sulluɓe musu. To takarda ta 7 cikin 12 a ina take? Laifinta kawai shi ne wurin da hannuna ya ajiye ta.

Maganin da na samu bai da wuya, sai dai yana cin lokaci. Kowace takarda ita kaɗai, a sabon shafi, da sharuɗɗa iri ɗaya, kuma sau uku, domin ko ba a sauya komai ba makin kan ɗan motsa. Takardu 12 sau uku, gwaji 36 ke nan. Wadda ta sami 7, 7, 8 na san inda ta tsaya. Wadda ta sami 5, 8, 6 kuwa, manhajar ba ta da matsaya a kanta, dole mutum ya zauna ya karanta. In za a gwama mutum biyu kai da kai, a tambaya sau biyu: wannan a gaba, sannan wancan a gaba. Idan duk wanda aka fara sawa shi ke cin nasara, canjaras aka yi. Ba na ba da shawarar a yi wa kowa haka, don gwama mutum 12 bibbiyu ta fuska biyu gwaji 132 ne. Ga huɗun ƙarshe, 12 ne kawai.

Abu na biyu ya fi tayar mini da hankali. A bayaninta kan takarda ta 1, manhajar ta ce mai takardar ya yi shekara biyar yana lissafin albashi, kuma yana da shaidar ƙwarewar akanta. Na koma takardar. Shekara biyu ya yi a ofishin lissafi, sauran ukun a matsayin mai kula da sito. Kalmar albashi sau ɗaya ta fito, a inda ya ce ya taɓa taimakawa wajen shirya shi. Shaidar kuwa, cewa ya yi yana shirin rubuta jarrabawarta. Mutumin bai yi ƙarya ba ko kaɗan, manhajar ce ta yi masa ƙari. Aikinta hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, kuma a takardun akantoci da yawa shekarun aiki da albashi da shaida tare suke tafiya, sai ta cike gurbin da abin da ta saba gani. Tana iya yin akasin haka ma, ta ce wani ba shi da abin da ke rubuce ɓaro-ɓaro a shafinsa na biyu, kuma wannan ya fi wuyar kamawa, don ba mai komawa ya duba takardar da aka riga aka jefar.

Daga nan na sauya yadda nake tambaya. Ga kowane sharaɗi, sai ta fara kwafo ainihin layin da ke cikin takardar, kalma da kalma, in babu ta rubuta babu, sannan maki ya biyo baya. Tsarin yana da dalili: idan maki ya fara fitowa, duk abin da ya biyo baya ƙoƙarin wanke makin ne. Ni kuma in ɗauki layin in neme shi a takardar asali da Ctrl+F, wato maɓallan neman kalma a kwamfuta. In bai fito ba, ƙirƙira ce. In ya fito, saura in duba ko ya ɗauki nauyin da aka ɗora masa, domin "na taimaka" da "na jagoranta" ba ɗaya ba ne.

Ko wannan ma bai isa ba, Malam Edita. Bayanin da manhajar ke bayarwa rubutu ne da ta tsara, babu tabbacin shi ne ainihin abin da ya jawo makin. Tambayarta "me ya sa?" sai dai ta ƙaro wani bayanin mai santsi. Hanyar ganewa ita ce a taɓa takardar a ga abin da zai motsa. Ta ce wata mai neman aikin ta sami 8 saboda ta iya manhajar lissafi ta Excel, na goge layin na sake gwadawa sau uku, makin ya tsaya a 8. Ke nan ba Excel ɗin ba ne. Da na rage tsawon takardar, na cire kalaman yabon kai na bar gundarin bayanan, sai ya sauka zuwa 6. Haka ake gwada abin da bai kamata ya yi tasiri ba: a sa sunan namiji, a musanya da na mace, komai na nan yadda yake, a ga ko maki zai girgiza.

Tarayyar Turai, a dokarta ta ƙirƙirarriyar basira ta 2024, ta sanya manhajojin tace masu neman aiki cikin rukunin masu babban haɗari, kuma bayan abin da na gani ban yi mamaki ba. Ni dai har yanzu ina amfani da ita wajen tsamo layuka daga takardu, amma makinta ba ya fitar da kowa daga jeri sai na karanta takardarsa.

Roƙona shi ne, duk lokacin da wakilinku zai sake hira da masu amfani da wannan hanya, ya tambaye su ko sun taɓa juya jerin, da kuma abin da ya fito da suka juya. Mai takarda ta 7 dai mun kira ta ganawa tare da sauran ukun da suka kai ƙarshe.

Na gode.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku