Koke ga Mai Martaba Sarki kan ƙarin farashin tsofaffin kayan waje bayan faɗuwar darajar kuɗi

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ƙananan 'yan kasuwa masu sari, tare da magidanta, muna kawo kukanmu kan yadda manyan diloli suka sauya farashin kayan waje da ke jibge a sito tun kafin kuɗinmu ya faɗi.

Ba mu ce a sayar a tsohon farashi ba, domin mu ma mun san lissafin. A ce kwali ya iso sito a kan 5,000, ana sayar da shi 5,500. Cikin 5,000 ɗin nan, 4,000 ne ke bin dala: kuɗin kayan, na jirgin ruwa da harajin kwastan. Sauran 1,000 na mota ne da dako da hayar sito, waɗanda ake biya da kuɗin gida. Idan dala ta tashi da rabi, 4,000 ya koma 6,000, sabon kwali zai iso a kan 7,000. Wanda ya sayar da kwali 100 a tsohon farashi zai tara 550,000, kuma kwali 78 kacal zai iya sarowa da su. Ya ci uwar kuɗi ke nan, yana ganin kamar riba ya ci. Don haka farashi kamar 7,700, wato kuɗin sabon sari da ribar kashi goma cikin ɗari irin ta da, adalci ne, ba ma jayayya da shi.

Abin da ya yi mana ciwo shi ne a ɗauki kwalin nan, ƙura na kansa, a ce 10,000. In ka tambaya, sai a ce ba a san inda dala za ta kwana gobe ba. Wasu ma sun rufe sito suna jira, har wanda ya biya kafin alƙalami aka ce ya ciko ko ya karɓi kuɗinsa, kuɗin da yanzu ba ya sayen abin da ya saya jiya.

Sannan duk lokacin da dala ta sauko, bakin nan da ya ce a bi farashin yau shi ke cewa kayan tsohon sari ne mai tsada, sai ya ƙare. Ranka ya daɗe, ma'auni biyu ke nan a hannu ɗaya.

Muna roƙon Mai Martaba ya kira Sarkin Kasuwa da shugabannin diloli a zauna da wakilanmu, a yarda cewa ƙari zai tsaya kan kason da ke bin dala, kuma in ta sauko a rage da saurin da aka ƙara. Cinikin da aka ƙulla kafin faɗuwar, da bashin da aka riga aka yanke farashinsa, a bar su yadda aka yi alkawari. Muna kuma roƙon kada a yanke farashi da ƙarfin hukuma, don kayan za su ɓace daga kantuna su koma bayan fage da tsada.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Masu biyayya,
Wakilan ƙananan 'yan kasuwa da magidanta