Zuwa Ga Abba, A Kan Maganar Sabon Tanderu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan Jos alhamdulillahi, sai sanyi da ya shigo da wuri bana, har kwaɓi ya fara nawar tashi, dole muke rufe tagogin ɗakin.

Ban kira ka a waya ba domin na san halina, na kuma san naka. Zan ɗaga murya, kai kuma ka yi ta cewa "to Baba" alhali ba ka ji komai ba. Kawunka ya dawo daga Abuja ya ce kana cinikin tanderu na zamani, mai juyawa, mai aiki da man gas, kana kuma neman babban wuri a wajen Dei-Dei. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya hana ni barci shi ne shekaranjiya na tarar da mahaifiyarka tana binciken akwatin da takardun gida suke ciki. Da na matsa mata, ta ce kai ka ce a ara maka, ka ajiye jingina, wai shekara biyu ka fanso. Ita ce ka ga ta fi sauƙin kai, ko? Me ya hana ka zo mini?

An ce hujjarka ita ce mai yin burodi da yawa shi yake yin sa da araha, ƙananan gidajen burodi kuma mutuwa za su yi. Gaskiya ka faɗa, kuma ni zan fi ka bayanin dalilinsa, tunda tun ba a haife ka ba nake tsaye gaban wuta.

Kuɗin da ake kashewa a gidan burodi iri biyu ne. Akwai wanda yake bin buhu: fulawa, sukari, bota, yis, gishiri, leda. In ka kwaɓa buhu biyu ka biya na biyu, in goma ka biya na goma. Akwai kuma wanda ba ruwansa da yawan abin da ka gasa. Mai haya ba ya tambayar burodi nawa ka fitar yau. Mai injin kwaɓi albashinsa yana nan. Motar rabo in ta fita, man da za ta sha ba ya canjawa sosai, ko cike take ko rabi. Babba a cikinsu shi ne itace. Ka tuna lokacin da nake tashinka ƙarfe uku ka hura tanderu kana ƙunƙuni? Yawancin itacen nan ba burodi yake gasawa ba, bulo yake ɗumamawa. Da zarar bangon ya ɗauki zafi, zubi na biyu da na uku ɗan ƙari kawai suke so. Wanda ya hura wuta ya yi zubi ɗaya ya kashe, ya biya kuɗin zafin da mutum biyar za su amfana da shi, ya bar shi ya huce a banza.

Bari in sa maka lissafi da cikakkun lambobi, kusa da abin da ke littafina, kai ka gyara da farashin wurinku. Buhun fulawa mai kilo 50 yana ba ni babban burodi wajen 100. Buhun da duk kayan haɗinsa ka ce naira 80,000, wato kowane burodi ya ci 800 tun kafin ya ga wuta. Wancan kuɗi da ba ya bin buhu kuma, ka ce 60,000 a rana. Ranar da na kwaɓa buhu biyu, burodi 200 ne za su ɗauki wannan 60,000, kowanne 300. Ya tashi a kan 1,100 ke nan, ni kuwa 1,000 nake ba 'yan sari. Na yi aikin dare, na faɗi. Ranar da na kwaɓa buhu goma, zan ƙara itace da yara biyu, kuɗin ya hau 80,000, amma yanzu burodi 1,000 ne za su raba shi, kowanne 80 kacal. Ya tashi a kan 880. Fulawar ɗaya ce, tanderun ɗaya, hannun ɗaya, amma an sami ragin 220 a kan kowane guda. Kamar motar haya ce daga nan zuwa wurinku: in kai kaɗai ne shata za ka biya, in ta cika kuɗin kujera.

Akwai wasu ragin ƙanana. Wanda ya ɗauki buhu ɗari wajen dila ba a yi masa farashin mai ɗaukar buhu ɗaya. Kuma in aiki ya yi yawa har kowane yaro ya tsaya a kan abu guda, wannan yana awo, wannan yana murji, wancan yana shafa wa gwangwani mai, hannu yana sauri, ɓarna tana raguwa. Duk na yarda. Amma kada ka ruɗu da ragin dila, fulawa ba zinariya ba ce. In ta daɗe a zafin Abuja ƙwari za su shige ta, in damina ce ta dunƙule.

To ga rabin da ba a faɗa maka ba, ko aka faɗa ka toshe kunne. Ba a raba kuɗin nan a kan burodin da aka gasa. A kan wanda aka saya aka biya ake raba shi. Koma kan ranar buhu goma. Na kashe 880,000 gaba ɗaya. In 200 suka yi kwantai, masu shayi da masu kanti suka dawo mini da su, saura 800 ne za su ɗauki nauyin duka. Raba ka gani: 1,100. Daidai da na mai buhu biyu da kake yi wa dariya. Bambancin kawai, shi ya kwana da asarar 20,000, ni na kwana da ta 80,000. Burodi kuma ba atamfa ba ne da za ka jera a kanta ta jira Sallah. Kwana uku zuwa huɗu ya fara funfuna, sai ka karyar wa masu kiwon kifi da kaji, kana godiya ma da suka ɗauka.

Na ga wannan da idona fiye da sau ɗaya. Lokacin da kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, masu shayi da 'yan tebur da suke ɗaukar kusan rabin abin da nake gasawa suka watse cikin dare ɗaya. A Agustan 2021 da aka sa dokar hana fita dare da rana, burodi yana cikin leda, mota tana ƙofa, ba halin fita. Abin da ya cece ni duka biyun shi ne ba wanda yake bi na ko kwabo a kan tanderun nan. Na rage buhu, na sallami wasu yara zuwa wani lokaci, muka ci tuwo da miyar kuka har gari ya waye. Kai kana ganin tsoro ne ya sa na tsufa da tanderun bulo. Na san ka faɗa wa ƙannenka haka, maganar ta dawo mini. Da wannan tanderun da kake rainawa aka biya maka kuɗin makaranta har ka gama, da shi aka yi wa Yaya Hajara kayan ɗaki. Kuma ba sai na tuna maka yadda gidan Baffa ya ƙare ba, kana da wayo ranar da aka fito da kayansu waje.

Yanzu dubi naka. Kawunka ya ce kana buhu huɗu a rana, kuma yana ƙarewa. Da lissafin nan burodinka yana tashi a kan 950, kana da 50 a kan kowanne. Kaɗan ne, amma taka ce. Ranar da sabon tanderu ya sauka, biyan bashi zai shiga cikin kuɗin da ba ya bin buhu. Haka babbar haya, haka man gas na tanderu da na janareto, domin na'urar nan ba ta juyawa sai da lantarki, kai ma ka san halin wutarmu. In duka suka kai 140,000 a rana, tsakanin 800 da 1,000 kuwa 200 ce kawai take rage maka, to sai ka sayar da burodi 700 kullum kafin ka fara cin naira ɗaya. Buhu bakwai, har ranar Lahadi, har ranar ruwa, har watan azumi da masu shayin safe suke rufewa. In ka tsaya a buhu huɗunka, burodin da yake tashi a 950 zai koma 1,150. Na'urar da ka saya don ta rage tsada ita za ta ƙara ta.

Su waye za su ɗauki ƙarin 300 ɗin? Sunayensu nake so, ba "Abuja akwai mutane" ba. Mutanen Abuja ba zaune suke da yunwa suna jiranka ba, kowane kanti akwai motar da take sauke masa. Kafin ka ture wani sai ka rage farashi ko ka ba da bashi, ko ka yarda a dawo maka da kwantai. In kuma ka ce za ka nemi kasuwa nesa, ka tashi daga Dei-Dei ka kai Mararaba da Masaka, ka lissafa cunkoson hanyar Nyanya da kuɗin fetur tun bayan cire tallafi a Mayun 2023. Mota ɗaya ba za ta isa ba, ta biyu tana zuwa da direbanta da yaronta da bakanikenta. Idonka kuma biyu ne. A buhu huɗu ka san inda kowane kofin sukari ya tafi. A buhu goma sha biyar sai ka ɗauki wanda zai duba maka, sannan ka nemi wanda zai duba shi. Daga wani matsayi girman da yake rage tsada shi yake fara dawo da ita ta bayan gida.

Takardun gidan nan ba za su fita ba, ina raye. Mahaifiyarka da ƙannenka mata uku a cikinsa suke kwana. Ka ji haushina in ka ga dama.

Amma ban ce ka zauna a inda kake ba, ɗana. Tanderun da kake haya yanzu, awa nawa yake aiki a rana? In shida ne, arahar da kake nema tana cikin sauran awoyin, kuma ba ta buƙatar jingina. Ƙara zubin yamma tun bangon bai huce ba. Nemi makarantar kwana ɗaya ko gidan abinci da za su riƙa ɗauka kullum. Ku haɗa kuɗi da maƙwabtanka biyu ku sari fulawa tare, ku raba ragin. Ka riƙa rubuta abu uku kowane dare: nawa aka gasa, nawa aka biya, nawa ya dawo. Ranar da ka yi wata uku kana buhu bakwai, kwantai bai wuce biyar cikin ɗari ba, har kana mayar da masu saye don wuta ta kasa, ni da kaina zan sayar da filin Rikkos in sa maka a ciki, ba ruwan kowa da kuɗin ruwa.

Ka zo da littafin in za ka taho Sallah, mu zauna a kansa bayan Isha'i. Mahaifiyarka ta ba direba dankali rabin buhu da kabeji da karas, zai iso ranar Laraba, ka sa a jira shi a tasha. Kada ka yi mata faɗa don ta gaya mini, kuka ta yi kafin ta faɗa. Ka gaida Maryam, ka shafa mini kan takwarana. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Jos