Wasiƙa Daga Legas: Ranar Da Muka Sallami Baba Sito

Agege, Legas
Daren Lahadi

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. A gaishe min da Inna, a ce mata yajin daddawan da ta aiko ya iso. Ni ma lafiya lau, sai ruwan sama da cunkoson hanyar Apapa.

Ka tuna dattijon da nake yawan ba ka labari, wanda muke kira Baba Sito, mutumin Malumfashi? Shi ne ya ba ni tabarma a ɗakinsa lokacin da na sauka Ikko ban san kowa ba, kuma a hannunsa na koyi aikin sito. To ya yi ritaya. Ya kama aiki a 1990, bana ya cika shekara 35. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce mutum ya ajiye in ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Shi shekarunsa 58, shekarun aikin ne suka cim masa. Ranar Juma'a aka yi masa walimar bankwana, kuma ni aka ɗora wa jawabi a madadin ƙananan ma'aikata. Minti biyar aka ba ni.

Wallahi Yaya minti biyar ɗin nan sun hana ni barci. Daren farko na cika takarda da cewa shi mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai riƙon amana, uba ga kowa. Da gari ya waye na sake karantawa, sai na ga in aka goge sunansa aka sa na wani, ba abin da zai canza. Ga shi kuma ta yi kama da ta'aziyya, alhali mutumin yana nan da ransa, zai zauna a gabana yana saurare. Na yage ta.

Sai na fara zuwa ofishin mulki na roƙi a duba min fayil ɗinsa: shekarar da ya fara, muƙamin da ya shigo da shi, wanda yake fita da shi, da cikakken sunansa yadda yake a rubuce. Da ban je ba da na ji kunya, domin ni a zatona da sitokifa ya fara, ashe masinja aka ɗauke shi, ya yi karatun yamma har ya samu canjin layi. Irin wannan kuskure a gaban matarsa da 'ya'yansa ba ya gyaruwa.

Daga nan na yanke shawarar labari ɗaya tak zan bayar, kuma wanda laifin cikinsa nawa ne. Wata na uku da fara aiki, mota ta kawo kwalaye ana dab da tashi. Takardar rakiyar kaya ta ce kwali 200. Direba yana sauri, ruwa ya taso, na sa hannu ban ƙirga ba. Washegari Baba ya ɗauko katin kaya, ya sa aka jera kwalayen goma-goma, layi 18 suka cika, na ƙarshe ya tsaya a 8. Kwali 188 ke nan, 12 babu su, ga sa hannuna a ƙasa. Wani ya ba ni shawara mu rubuta an fitar da su a hankali, biyu yau, uku gobe, har lissafi ya daidaita. Baba ya ce in an taɓa katin nan sau ɗaya, ya zama ƙarya har abada. Ya zaunar da ni na rubuta rahoto da hannuna, ya sa hannu a ƙarƙashin nawa a matsayin mai kula da ni, muka hau sama tare. An ba ni takardar gargaɗi, amma ban rasa aikina ba, shi kuma ya sha faɗan da ba nasa ba.

Abin da na bari ban faɗa ba ma na daɗe ina auna shi. Ban taɓo ciwon ƙafarsa ba. Ban taɓo ƙarin girman da kowa ya san ya cancanta aka tsallake shi ba, ko da yake abin yana ci min rai har yau. Ranar tasa ce, ba ranar ƙorafi ba, kuma manyan suna zaune a wurin. Bashin da yake bin wasunmu kuwa tun kafin ranar muka bi mutane ɗaya-ɗaya aka biya shi a asirce.

Da yake zauren akwai Yarabawa da Ibo, da Turanci na yi yawancin jawabin. Amma ƙarshensa na juya na fuskance shi, na yi da Hausa. Ga abin da na ce, na haddace shi:

"Baba, ranar da na sa hannu ban ƙirga ba, ka sa naka a ƙarƙashin nawa. Tun daga ranar ban sake karɓar kaya ban ƙirga ba, kuma yaran da ke ƙarƙashina yanzu haka nake koya musu. Mun saɓa maka, mun makara, mun yi maka gardama. Muna roƙon ka yafe mana, mu kuma ba ka yi mana komai ba sai alheri. Allah Ya sa ka huta lafiya, Ya sa albarka a abin da ka tara, Ya kai ka gida lafiya."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya daɗe yana kallon ƙasa. Wata Bayarabiya daga sashen kuɗi, wadda ba ta jin Hausa ko kaɗan, ita ta fara cewa amin. Da aka ba shi dama ya yi magana, cewa kawai ya yi ya yafe wa kowa, shi ma a yafe masa. Sai ya zaro mukullan sito daga aljihu ya miƙa wa magajinsa tare da takardar miƙa aiki, wadda suka yi kwana uku suna ƙirga kaya kafin su sa mata hannu.

Batun kyauta mun ɗan yi ja-in-ja. Wasu sun so allon yabo da agogon bango. Ni na ce a tambayi matarsa tukuna, ita kuwa ta ce kuɗi sun fi, domin albashi ya tsaya, fansho kuma ba ya fara zuwa nan take. Tsarin da ake ciki ya fara ne da dokar fansho ta 2004, kuma tun da aka sabunta ta a 2014 ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, wurin aiki ya ƙara kashi 10, a tara a asusunsa. In ya yi ritaya a ba shi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata-wata. Baba ya samu tsaiko tun yanzu: a fayil an rubuta sunansa da wani salo, a katin ɗan ƙasa da wani, sai da ya je kotu ya yi takardar rantsuwa. Kai ma Yaya ka duba naka tun da sauran lokaci, suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a ko'ina. Mu dai muka yi karo-karo, muka saya masa shadda turmi ɗaya da darduma, sauran muka sa a ambulan.

Ranar Asabar mai zuwa zai hau mota daga nan Agege, da kayansa na shekara 35. Don Allah in ya kwana biyu da sauka ka je Malumfashi ka gaishe shi a madadin gidanmu, ka tafi da goro da ɗan abin da zan turo maka ranar Alhamis. In Inna za ta iya tafiyar a tafi da ita, ta daɗe tana son ta yi masa godiya da bakinta.

Ƙaninka,
daga Legas