Hutun aikin Hajji: a daina rubuta ranar dawowa kamar ma'aikaci ne ke tuƙa jirgin

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana da shugabannin ma'aikatu da abokan aikina masu kula da sha'anin ma'aikata, game da takardar da muke bai wa ma'aikaci idan zai tafi aikin Hajji. Akasarinmu muna rubuta ta ne kamar takardar hutun shekara: daga rana kaza zuwa rana kaza, a dawo bakin aiki ranar Litinin kaza, sai sa hannu da hatimi. Rigimar da ke biyo baya, wato takardar tuhuma da yanke albashi da ɓacin rai tsakanin Alhaji da maigidansa, daga wannan rubutun take tasowa, domin ranaku biyun da muka rubuta babu ko ɗaya da ke hannun ma'aikacin.

Ibadar kanta ba ta da tsawo. Ana fita Mina ranar 8 ga Zulhijja, a yi tsayuwar Arfa ranar 9, a kammala jifa ranar 12 ko 13. Amma ranar da Zulhijja zai kama sai an ga wata a Saudiyya, saboda haka abin da ke cikin kalanda zai iya gocewa da kwana ɗaya. Kuma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11. A 2023 an yi Arfa ranar 27 ga Yuni, a 2024 ranar 15 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 5 ga Yuni. Duk wanda ya ɗauko takardar bara ya canza suna kawai, ya riga ya kuskure kafin a je ko'ina.

Wannan ma mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne jirgi. Maniyyacin da zai taso daga wata ƙasa a cikin ayari ba shi yake zaɓar ranar tashi ba. Jigila kan fara tun cikin watan Zulƙida, sahu-sahu, wasu a sauke su Madina, wasu Jidda, kuma sau da yawa sai ana saura 'yan kwanaki ake sanar da mutum cewa ya faɗo cikin sahu kaza. Dawowa ma haka take, bi da bi, har cikin Muharram. Shi ya sa ibadar kwana biyar ko shida ke cin wata guda, wani lokacin har kwana 40 ko fiye. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta bai wa ma'aikaci hutun Hajji na kwana 10 zuwa 15 da albashinsa, sau ɗaya a tsawon aikinsa, bayan ya shekara biyu a jere yana aikin. Wannan ya ishi wanda ke zaune a can, wanda zai shiga mota ya je ya dawo. Ma'aikatar da ta aro wannan adadi ta ɗora wa wanda zai jira jirgi da ayarinsa ta shirya masa saɓa doka ne tun bai tafi ba.

Mu ɗauki misali da Hajjin 2025, a ma'aikatar da ke aiki Litinin zuwa Juma'a. Akantan da ke haɗa albashi ya nemi hutu daga Litinin 19 ga Mayu zuwa Juma'a 20 ga Yuni, zai dawo Litinin 23. Mako biyar ke nan, kuma a ido ya wadatar, tunda jifa za ta ƙare ranar 9 ga Yuni. An amince. An sa ranar Juma'a 16 ga Mayu domin ya miƙa aiki ga mataimakiyarsa. Sai ga kira ranar Litinin 12 ga wata cewa sahunsu zai tashi Laraba 14. Bawan Allah ya shiga haɗa kaya da sallamar dangi, miƙa aikin ya koma 'yan mintoci a tsaye a bakin ƙofa: ga mabuɗin durowa, sauran zan turo miki. A can kuma jirgin dawowarsu bai samu ba sai Alhamis 26 ga Yuni. A takarda ya bar aiki kwana uku kafin lokaci, ya kuma makara da kwana huɗu, alhali bai yi laifin komai ba.

Da an rubuta takardar yadda ta dace, da babu ɗaya daga cikin wannan da zai zama magana. Maimakon rana ɗaya ta tafiya, a rubuta cewa hutun zai fara ne daga ranar da aka kira shi tashi, matuƙar ta faɗo tsakanin 12 da 26 ga Mayu, kuma ya sanar da ofis da zarar ya sami kiran. Maimakon rana ɗaya ta dawowa, a ce zai koma bakin aiki bayan kwana uku na aiki daga ranar da jirginsa ya sauka. Sannan a sa iyaka ta ƙarshe, a ce Litinin 7 ga Yuli, wadda in ya wuce ta sai ya kawo dalili a rubuce. A misalinmu, wanda ya sauka Alhamis 26 zai huta Juma'a da Litinin da Talata, ya bayyana Laraba 2 ga Yuli. Shaida kuwa ba ta da wuya: hatimin shigowa da ke cikin fasfo ko takardar shiga jirgi. Wannan tsari yana kare ma'aikaci, yana kuma toshe ƙofar wanda zai sauka ranar 15 ya yi zamansa a gida yana karɓar 'yan barka da zuwa har 23, yana cewa ai hutunsa bai ƙare ba.

A cikin takardar dai a fayyace daga ina kwanakin za su fito. Nawa ne daga hutun shekara, nawa ne hutu na musamman idan ƙa'idar ma'aikatar ta tanade shi, kuma in an zarce saboda jinkirin jirgi, da albashi ne ko babu. Ranakun hutun Sallah da hukuma ta bayar, inda ake bayarwa, bai kamata a cire su daga hutun mutum ba. Duk hukuncin da za a yanke, a yanke shi mutum yana nan ya sa hannu. Abin da ke ƙona rai shi ne Alhaji ya dawo aljihu a bushe, ya tarar an zabge masa albashin mako guda bisa wata ƙa'ida da bai taɓa ji ba.

Yanzu batun miƙa aiki, wanda a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Ranar miƙawa ba za a ɗaure ta da ranar da ake zaton tafiya ba. A kammala ta mako guda kafin ranar farko da zai yiwu a kira mutum, wato a misalinmu kafin 5 ga Mayu, daga nan mai riƙon ƙwarya ta ci gaba da aikin shi kuma yana gefe yana dubawa. Kuma abin da ake miƙawa ba jerin ayyuka ba ne kawai, iko ne. Za a biya albashi har sau biyu akantan nan ba ya nan, na Mayu da na Yuni. Idan yana cikin masu sa hannu a asusun ma'aikata, banki ba zai karɓi hannun mataimakiyarsa ba don kawai ta ce oga ya tafi Makka. Sai an rubuta masu a hukumance, an cike takardunsu, kuma wannan kan ɗauki kwanaki. Idan lambar tabbatarwa ta biyan kuɗi wayarsa take shiga, to ranar biyan albashin Mayu lambar za ta tafi layin da aka zare aka jefa cikin jaka domin a sa na Saudiyya. Mafita ita ce a buɗe wa mai riƙon nata izinin shiga da sunanta, na ƙayyadadden lokaci. Ba ta kalmar sirrinsa ba mafita ba ce, domin duk abin da aka biya zai fito da sunan mutumin da ke wata ƙasa, kuma ranar da masu binciken kuɗi suka zo babu mai iya cewa wa ya danna.

Hanyar gane ko an miƙa aiki da gaske ɗaya ce: mai riƙon ta gudanar da aikin sau ɗaya daga farko har ƙarshe kafin ya tafi. Ta haɗa albashin gwaji da bayanan watan Afrilu, a kwatanta jimillarta da tasa. In sun bambanta, nan take za a gano abin da ke cikin kansa wanda ba ya cikin takarda, kamar ma'aikacin da ake cire wa bashi kashi-kashi ko wanda aka yi wa ƙarin girma amma ba a gyara a na'ura ba.

A kuma rubuta ƙarara cewa ba za a neme shi ba, musamman daga 8 zuwa 13 ga Zulhijja. Mutumin da ke cikin harami a tantin Mina, ko yake takawa zuwa Jamarat cikin dubban jama'a, ba shi da halin tuno wace durowa ya ajiye fayil. Na sha jin shugabanni na cewa ai tambaya ɗaya ce. Tambaya ɗayan ce ya kamata a yi tun yana nan. Abin da ake buƙata daga gare shi saƙo biyu ne kacal zuwa ga mutum ɗaya da aka ambata a takarda: ɗaya idan ya sami ranar jirginsa, ɗaya idan ya sauka.

Kwana ukun da na ambata bayan sauka ba alfarma ba ce. Hajji a 'yan shekarun nan yana faɗowa cikin tsananin zafi. A 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar alhazai sama da 1,300, kuma zafi ya taka babbar rawa a ciki. Mutum kan dawo da gajiya da tarin nan da kowa ya san alhazai da shi. Wanda ya dawo da zazzaɓi ya ga likita, a mayar da kwanakinsa hutun rashin lafiya da takardar asibiti, kada a dawo da shi ɗakin da mutum goma ke zaune. Idan ya koma kuma, kada a ɗauke aikin daga hannun mai riƙo ran farko. Su zauna ta ba shi bayanin abin da aka biya, abin da aka dakatar, da abin da ta yanke hukunci a kai a bayansa, su sa hannu su biyu. Sai bayan nan a rubuta wa banki a mayar da hannunsa, a rufe izinin wucin gadin da aka buɗe mata. Wannan rufewar ce aka fi mantawa da ita, har a wayi gari wata shida mutum biyu na da ikon biyan kuɗi a kujera ɗaya.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Mai karatu, jami'in kula da sha'anin ma'aikata